Tumatir ya nannaɗe ganye, ya yi rawaya, ya ƙi girma: a tuge ko a bari?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, don waɗanda data ba ta ba su damar saurare ba, ko waɗanda suka fi son su karanta a nutse.

Tun da aka shiga noman rani hotuna iri ɗaya ake ta turo mini. Tumatir ne an dasa, ya kama, sai kawai ya tsaya cak. Ganyen saman ya ƙanƙance, gefensa ya yi rawaya, ya lanƙwaso sama kamar cokali. Tambayar kuma kusan ɗaya ce: wane magani zan fesa? Wani ma ya ce ya ƙara yuriya sau biyu, amma shiru kake ji.

Bari in fara da amsar da ba ta da daɗi, don kada wani ya ƙara asarar kuɗinsa. In dai cutar da zan yi bayani ce, gindin da ya kamu ya kamu ke nan. Babu maganin feshi a kasuwa da zai warkar da shi, babu takin da zai tashe shi. Abin da ya rage shi ne ceton waɗanda ba su kamu ba. Ni kaina sai da na yi asarar fiye da rabin lambu kafin na yarda da wannan magana, kuma labarin zan ba ku yau.

Wace cuta ce wannan?

Ƙwayar cuta ce irin wadda ake kira bairos. A jikin fakitin iri da kuma intanet za ku ga an taƙaita sunanta da TYLCV, wato cutar da ke sa ganyen tumatir rawaya da nannaɗewa. An fara lura da ita a kwarin Kogin Urdun wajen 1940, kuma a 1964 ne masana suka tabbatar da cewa bairos ce, suka raɗa mata suna. Yanzu ta bazu a kusan duk ƙasashen da ke da zafi, kuma a Afirka ta Yamma akwai 'yan'uwanta da yawa masu irin wannan alama da irin wannan hanyar yaɗuwa. Ga manomi duk tafiyarsu ɗaya.

Bairos ba a saman ganye take zama ba, balle a ce feshi zai wanke ta. A cikin jijiyoyin da ke rarraba abinci a jikin tsiro take, tana hayayyafa a cikin ƙwayoyin halittarsa. Shi ya sa ta fi nunawa a sabon toho, inda tsiron ke girma. Maganin fumfuna da mutane suka saba fesa wa tumatir don tabon ganye ba ruwansa da ita ko kaɗan.

Ba ta tafiya da kanta. Taɓa tsiro da hannu ko da fartanya ba ya yaɗa ta, ruwan ban-ruwa ba ya kwasar ta, kuma ba ta zama a cikin ƙasa ta jira shuka mai zuwa. Mai ɗauke da ita shi ne farin ƙuda, wani ɗan mitsitsin ƙwaro da tsawonsa bai wuce milimita ɗaya ba, mai fararen fukafukai kamar an barbaɗa masa gari. A ƙarƙashin ganye yake zama yana tsotsar ruwan tsiro. Ka je lambu da sassafe ka girgiza gindi ɗaya, in ka ga wasu fararen abubuwa sun tashi kamar toka, to su ne.

Akwai lissafin lokaci guda uku da nake so ku riƙe, don duk shawarar da za ta biyo baya a kansu ta dogara. Na farko, ƙudan ba ya buƙatar dogon zama: tsotson minti 15 zuwa 30 a kan tsiro mai cuta ya isa ya ɗauka, bayan sa'o'i kamar 8 zuwa 24 ya fara iya zuba ta a wani tsiron, kuma yakan ci gaba da yaɗa ta kusan har ƙarshen rayuwarsa. Na biyu, daga ƙwai zuwa babban ƙuda kusan mako 3 ne in akwai zafi, kuma mace ɗaya na iya saka ƙwai sama da 100. Na uku, kuma shi ya fi muhimmanci, tsiron da aka harba yau ba zai nuna alama ba sai bayan mako 2 zuwa 3. Wato abin da idonka ke gani yau labarin makonnin baya ne.

Kafin ka tuge, ka tabbatar

Ba duk ganyen da ya nannaɗe ba ne wannan cutar, kuma na ga mutumin da ya tuge lafiyayyen tumatir saboda tsoro. Don haka ka fara duba inda matsalar ta soma, sama ko ƙasa.

Wannan cutar daga sama take farawa. Sabbin ganye suna fitowa ƙanana, ba sa kai girman na ƙasansu. Gefensu da tsakanin jijiyoyinsu rawaya ne, bakinsu ya lanƙwaso sama, jikinsu ya yamutse. Gaɓoɓin kara suna matsewa kusa da juna, sai kan tsiron ya cunkushe ya zama dunƙule. Fure yana fitowa ya kaɗe bai ɗaura ɗa ba. Tsofaffin ganyen da suka girma kafin cutar ta shiga kuwa sukan zauna kore shar, kamar ba abin da ya faru. Sannan cutar ba ta kama lambu gaba ɗaya rana guda. Za ka ga gindi ɗaya nan, biyu can, sau da yawa daga gefen da iska ke shigowa ko gefen da ke kallon wani tsohon lambu.

In kuwa tsofaffin ganyen ƙasa ne suka naɗe kamar tabarma, suka yi kauri, amma suna nan kore kuma tsiron yana ci gaba da girma, wannan zafin rana ne ko ban-ruwa da ba shi da tsari, yau ƙishi gobe ambaliya. Ba cuta ba ce, ba a tuge shi. In ganyen ƙasa ne suka yi rawaya bai ɗaya kuma duk lambun ya yi fari-fari tare, yunwar taki ce, kuma in ka ba shi za ka ga canji cikin mako guda. In kuma sabbin ganye sun murɗe sun zama sirara kamar igiya, kara ya karkace, kuma abin ya bayyana cikin 'yan kwanaki a jere guda, ka tambayi kanka ko an yi feshin maganin ciyawa a kusa, ko kuwa injin feshin da ka ara ba a wanke shi da kyau ba.

Alamu uku in sun haɗu ni ba na ƙara shakka: ƙananan ganyen sama masu rawayan baki, tsiro ya tsumbure kusa da sa'anninsa da suka wuce shi, ga kuma farin ƙuda a ƙarƙashin ganye.

Yadda ta yi da ni

Shekarar da na fara noman rani da kaina, gindi 1,200 na dasa. Na makara, sai farkon Fabrairu na yi dashe, daidai lokacin da sanyi ke janyewa zafi ke shigowa, wanda shi ne lokacin da farin ƙuda ke samun yadda yake so. Wurin renon irin a fili yake, ba rufi. Kuma taku kaɗan daga wurin akwai lambun wani maƙwabcinmu da ya gama tsinkar tumatirinsa na farkon rani ya bar karan a tsaye. A lokacin ko a jikina.

Kwana 12 da dashe na ga wasu sun tsaya. Kawuna, wanda ya daɗe a harkar, ya zagaya tare da ni ya ce, “Ɗana, ƙirga su.” Ya nuna mini yadda ake yi: ka zaɓi wuri 10 a warwatse cikin lambun, har da gefe-gefe, a kowane wuri ka duba gindi 10 a jere, ka samu 100 ke nan. Muka samu 4 masu cuta. In 4 ne a cikin 100, to a 1,200 kusan 48 ke nan. Ya ce, “Tuge su yau.” Na ce, “Haba Kawu, gindi arba'in da takwas? Bari dai in ba su taki mu gani.” Bai ja da ni ba, ya ce lambuna ne.

Ku lura da wani abu da ban gane ba sai daga baya. Alamar tana ɗaukar mako 2 zuwa 3 kafin ta fito, ni kuma na gan ta kwana 12 da dashe. Ke nan ba a lambun suka kamu ba, tun a wurin reno aka harbe su. Da hannuna na kwaso cutar na rarraba ta cikin kwami-kwami. Wannan lissafin zai yi muku amfani: in alamar ta fito cikin mako biyun farko bayan dashe, to ka binciki inda irin ya fito, ko naka ne ko saye ka yi.

Na zuba yuriya. Waɗanda ke da lafiya suka yi sabon toho mai laushi, irin wanda farin ƙuda ya fi so, marasa lafiyan kuma suka zauna yadda suke. Na sayo maganin ƙwari mafi araha na fesa ta sama, da rana tsaka, ƙarƙashin ganye ko jiƙewa bai yi ba. An bar jaki ana dukan taiki. Kwana 26 na sake ƙirga, 27 a cikin 100, wato kusan gindi 324. Kwana 40, lokacin da ya kamata lambu ya cika da fure, 60 a cikin 100, gindi 720. Waɗanda suka kamu tun suna ƙanana kusan ba su ba ni komai ba. Abin da na tsinka daga sauran ne, da kuma 'yan waɗanda suka riga suka ɗaura 'ya'ya kafin cutar ta same su.

Ba zan ce muku da na tuge 48 ɗin nan shi ke nan na tsira ba. Tsohon lambun maƙwabcina yana nan yana turo ƙuda mai ɗauke da cuta, kuma tugewa ba ta tare wanda ke shigowa daga waje. Amma da na tuge, da na rufe gidaje 48 da cutar ta samu a tsakiyar lambuna, inda kowane ƙudan da ya sauka ke ɗiba ya kai wa na kusa.

To yaushe ake tugewa?

Abin da ke yanke hukunci abu biyu ne: shekarun tsiron, da yawan waɗanda suka kamu. Alƙaluman da zan faɗa ma'aunina ne da nake aiki da shi a lambu, kowa ya daidaita da yanayinsa.

A wurin reno babu shawara. Duk wanda ya nuna alama a cire shi, kuma kada a dasa na jikinsa. In ka ga alamar a wurare da yawa cikin renon, ka haƙura da shi gaba ɗaya ka sake sabo a ƙarƙashin rufi. Asarar fakitin iri da mako huɗu ta fi sauƙi a kan asarar taki, fetur, kuɗin ma'aikata da wata uku.

Daga dashe zuwa fara fure, wato kamar mako 4 zuwa 5 na farko, nan ne tugewa ta fi amfani. Tsiron da ya kamu a wannan lokaci ba zai ba ka abin kirki ba, don haka ba ka yi asarar komai ba in ka cire shi, in ka bar shi kuma ya zama rijiyar cuta. In ƙirgarka ta nuna ƙasa da 10 a cikin 100, ka tuge duka, ka riƙa zagayawa sau biyu a mako. In ramin da ka tuge bai wuce mako biyu da dashe ba kuma kana da lafiyayyen iri, za ka iya cike gurbin, tunda cutar ba ta zama a ƙasa. Bayan haka ka bar gurbin, don ƙaramin tsiro a tsakiyar manya shi ƙuda zai fara afka wa.

In kuwa tun kafin fure ka ga cutar ta haura kashi ɗaya cikin uku, to tuge ɗaiɗai ya zama ihu bayan hari. Ka tuna waɗanda ka gani an harbe su ne makonni biyu ko uku da suka wuce, akwai wasu da yawa masu kama da lafiya da cutar ke cikinsu. A nan tambayar ta koma ta kuɗi: shin abin da zan ci gaba da kashewa zai dawo? Sau da yawa amsar ita ce a'a, gara ka share wurin ka sa abin da cutar ba ta kamawa, kamar masara ko albasa, gwargwadon lokacin da ya rage maka da ruwa. Da a kwana na 26 na sake duba lambuna da idon basira, da na ga inda aka dosa.

Bayan tsiro ya ɗaura 'ya'ya lissafin ya canza. 'Ya'yan da suka riga suka ɗauru kafin cutar yawanci suna nuna, ko da ba su kai girman da ya kamata ba, sabon fure ne dai ba zai tsaya ba. Kuma ana cin su lafiya lau, wannan cutar ba ta kama mutum ko dabba. Don haka gindin da ke ɗauke da kaya ka bar shi, ka rage ƙuda, ka tsinke abinka. Sai dai in kana da ƙaramin dashe ko wurin reno a kusa, to a nan sai ka zaɓa, kuma ni na fi zaɓen ƙananan, don su ne ke da gaba.

Yadda ake tugewar ma akwai dabara. In ka fizge tsiro haka kawai ka ratsa lambu da shi a hannu, ƙudan da ke kansa, waɗanda su suka fi kowa ɗauke da cuta, za su watse kan maƙwabtansa. Ka je da sassafe lokacin da sanyi bai sake su ba. Ka kifa buhu ko babbar leda a kan tsiron tun daga sama har ƙasa, ka matse bakin a gindi, sannan ka tuge. Ka ɗaure ka bar shi a rana kwana biyu, ko ka binne, ko ka ƙona nesa da lambu. Kada ka jefar a bakin kwami ko a kan hanyar ruwa, don tsiron da aka tuge yakan yi kwanaki bai bushe ba, ƙuda kuma na ci gaba da tashi daga jikinsa.

Sannan kada ka karaya in bayan mako guda ka ga wasu sabbi sun fito. Ba aikinka ne bai yi ba, waɗancan tun kafin ka tuge suka kamu. Sai bayan mako 3 za ka san gaskiya: in adadin sabbin da kake samu a kowane zagaye yana raguwa, kana cin nasara. In yana ƙaruwa duk da tugewa da feshi, to daga waje cutar ke kwararowa, ka fita ka nemo tushen.

Maganar feshi

Feshi na ƙuda ne, ba na cutar ba, kuma yana da iyaka. Ƙudan da ya shigo da cuta zai iya zuba ta cikin minti 15 zuwa 30, wani lokaci kafin maganin ya kashe shi. Amfanin feshi shi ne hana su hayayyafa a cikin lambunka su yi ta zagayawa da cutar daga gindi zuwa gindi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne wurin da ake fesawa. Ƙwai da 'ya'yan ƙudan a ƙarƙashin ganye suke, a manne kamar ƙananan ɓawo, ba sa motsi. Ka juya bakin injin yana kallon sama, ka bi ta ƙasan ganye, da sassafe ko da yamma liƙis.

In ƙudan bai yi yawa ba, ɗanyen maganin da muke da shi a ƙofar gida yana taimakawa, wato darbejiya. Man darbejiya mililita 5 a kowace lita ta ruwa, ke nan mililita 80 a injin goyo mai lita 16, da ɗan sabulun ruwa don man ya haɗu da ruwan. Ya fi tasiri a kan 'ya'yan, kuma rana tana kashe ƙarfinsa da wuri, don haka sai an maimaita duk mako. Ka gwada a gindi kaɗan tukuna, kuma kada ka fesa cikin zafin rana, yana ƙona ganye.

In za ka sayi na kanti, kada sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe ya ruɗe ka, ka duba sinadarin da ke ciki da lambar rukuninsa in an rubuta. Imidakulofirid, asetamifirid da tiyametokzam duk 'yan gida ɗaya ne, rukunin 4A. In ka fesa wannan yau, wancan mako mai zuwa, kana ganin ka canza magani, a wurin ƙuda ba ka canza komai ba, kuma farin ƙuda ya yi suna wajen sabawa da magani. Ka yi amfani da rukuni ɗaya na tsawon kamar mako 3, sannan ka koma wani rukunin daban. Masu arahar nan na rukunin 3A, irin su saifametirin, a wurare da yawa ba sa yi wa farin ƙuda komai, sai dai su kashe ƙwarin da ke cin sa, ka wayi gari ya fi da yawa. Ka bi ma'aunin da ke jikin kwalba, ka kiyaye kwanakin da aka ce a jira kafin tsinka, ka rufe hanci da jiki, kuma 'yan rukunin 4A suna kashe zuma, don haka a kauce musu lokacin fure.

Abin da na canza a shekara ta biyu

Mafi yawan aikin tun kafin dashe aka yi shi. Na farko, na rufe wurin reno da ragar ƙwari mai ƙananan ido, wadda masu sayarwa ke kira mai lamba 50. Gidan sauron kwana ba ya wadatarwa, idonsa ya yi wa farin ƙuda faɗi, yana ratsawa. Na kafa sanduna na lulluɓe tun ranar da na zuba iri, na danne gefen da ƙasa, ba na buɗewa sai ban-ruwa. Mako 4 ɗin nan da tsiro ya yi ba a harbe shi ba su ne mafi tsada a rayuwarsa, don gwargwadon ƙuruciyarsa lokacin da ya kamu, gwargwadon asarar.

Na biyu, na sayi irin da aka rubuta TYLCV a jerin cututtukan da yake jurewa. Kusa da shi za ku ga IR, wato juriya matsakaiciya, ko HR, juriya mai ƙarfi. Juriya ba ta nufin ba ya kamuwa. Cutar tana iya shiga, sai dai ba ta durƙusar da shi, kuma in zafi ya tsananta ga ƙuda da yawa shi ma yakan nuna alama. Yawancinsu kuma irin aure ne mai alamar F1, in ka cire iri daga 'ya'yansu ka shuka baɗi, juriyar ba za ta fito daidai a dukkansu ba.

Na uku, na yi dashe da wuri, a Nuwamba, don tsiron ya yi ƙarfi cikin sanyi kafin ƙuda ya yawaita. Na share ciyawar gefe, musamman zaƙami, wanda cutar ke zama a jikinsa. Na nisanta daga kuɓewa, yalo da auduga, don wurin kiwon farin ƙuda ne. Na kuma rataye yankakkun jarkoki masu ruwan ɗorawa da na shafa wa giris, daidai tsayin kan tsiro. Ƙudan yana son wannan launi, sai ya manne. Ba su ke kare lambu ba, aikinsu su gaya maka ranar da ƙuda ya fara shigowa da kuma ta wane gefe.

Na huɗu shi ne mai wuyar, don ba a hannuna yake ba. Na je na samu maƙwabcina, na ce, “Baba, in ka gama tsinka ina roƙon a tuge karan, ni zan kawo yara mu yi.” Ya yi dariya ya ce ai shi bai san karan da aka gama da shi yana da wata illa ba. Muka tuge muka ƙona. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A Jamhuriyar Dominika, bayan wannan cuta ta durƙusar da noman tumatirinsu a shekarun 1990, dokar da suka kafa ita ce a yi wata 3 a kowace shekara ba a noma amfanin da farin ƙuda ke rayuwa a kai a yankunan da abin ya shafa. Da wannan da iri mai juriya noman ya farfaɗo. Mu ba mu da irin wannan doka, amma mutum biyar da ke jan ruwa a wuri ɗaya za su iya shirya lokacin dashensu tare, su kuma yarda kowa ya share lambunsa da ya gama.

A wannan shekarar ma cutar ta zo. Mako 3 da dashe na samu 2 a cikin 100, na bi layi-layi na tuge 22. Zagayen da suka biyo baya na cire 14, sannan 9, sannan 5. Jimilla 50 daga cikin 1,200. Kun ga kusan adadin da na ƙi tugewa a shekarar farko ke nan, sai dai wannan karon a nan abin ya tsaya, sauran suka yi fure suka ɗaura.

Don haka wanda ya turo hoto yana jiran sunan magani, ga aikin gobe da safe. Ka ɗauki buhu da biro, ka duba wuri 10, gindi 10 a kowanne, ka rubuta nawa ne suka kamu da kuma kwana nawa da dashe. Ka ɗaga ganye ka ga ko akwai ƙuda, ka leƙa lambunan da ke kewaye da kai. In za ka turo hoto, ka ɗauki kan tsiron daga kusa, ka ɗauki ƙasan ganye, ka haɗo da waɗannan lambobi biyu, sai mu duba tare ko na tugewa ne ko na bari.

Allah ya ba mu damina da rani masu albarka, ya tsare mana amfaninmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.